Mudu ɗaya na auna su da shi: yadda na haɗa hotunan kwatanta bashin waya biyu

Ina da rumfar cajin waya da POS a wani ƙauye kusa da Gujungu, a ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, ba na samun sukunin ko da shan ruwa. Sauran ranaku kuwa rumfar tawa majalisa ce, kuma a nan aka ɗauko maganar da ta sa ni wannan aiki.

Ƙanena, ɗan baffana, yana sayen riɗi da zoɓo ga wani ɗan kasuwa a Kano, kuma ubangidan nasa ya matsa masa ya nemi babbar waya don ya riƙa turo hoton kaya da na rasit. Kuɗin saye gaba ɗaya babu. Sai ya zo mini da zance biyu. Akwai wakilin wani kamfani da ke zagaya kasuwanni, yana ba da waya a riƙa biya mako-mako, in ka yi jinkiri wayar ta kulle kanta. Akwai kuma wani Alhaji mai shago a cikin gari, shi ma yana ba da waya bashi, a biya wata-wata, amma sai ka kawo wanda zai tsaya maka. Ya ce, "Yaya, wanne ya fi sauƙi?" Kafin in buɗe baki mutum huɗu sun amsa masa, kowa da tasa. Wannan ya ce na kamfani, ai abin da kake biya a rana bai kai kuɗin shayi da burodi ba. Wancan ya ce na Alhaji, wata uku ka huta.

Da na ga tambayar ba ta ƙanena kaɗai ba ce, sai na yi niyyar haɗa jerin hotuna irin waɗanda ake ja da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, wanda masu harkar ke kira karosel, in sa a Facebook da kuma sitatus ɗina na WhatsApp. Dama ina taɓa Canva a waya, da shi nake yi wa mutane katin biki da na suna.

Na farkon da na yi, a dare ɗaya na gama shi, kuma bai yi kyau ba, ko da yake a lokacin ni ban gani ba. Na sa na kamfani a gefen hagu da jan launi, na Alhaji a dama da kore. A ƙarƙashin na kamfani na rubuta jimillar kuɗin da za a biya da manyan lambobi, a ƙarƙashin na Alhaji kuwa na rubuta "wata uku kacal". Gaskiya tun kafin in fara zuciyata na wajen Alhaji, don na san shi, kuma na tsani ganin wayar mutum ta kulle a hannunsa. Allah ya taimake ni ban sa shi ba sai da na nuna wa wani malamin lissafi na makarantar sakandaren garinmu, wanda ke kawo caji wajena. Ya ja hotunan har ƙarshe, ya miƙo mini wayar, ya ce, "Malam, wannan ai talla ka yi wa Alhaji. Ka auna geron wani da tiya, na wani da gwangwani, sannan ka ce wa jama'a su duba wanda ya fi yawa."

Shawarar da ya ba ni ita ce ta gyara komai. Ya ce in ajiye lambobin tukuna, in ɗauki takarda in rubuta tambayoyin da mai saye zai yi, kafin in san wa amsar za ta fifita. Duk tambayar da na yi wa ɗaya, dole in yi wa ɗayan, da kalmomi iri ɗaya. Muka zauna muka fitar da guda biyar: nawa ne kafin alƙalami, nawa ake biya kuma sau nawa, nawa ne jimilla idan an gama, me zai faru in an yi jinkiri, sannan me ake buƙata kafin a ba ka. Na so in ƙara da maganar kyamara da batir, ya ce a'a, ai ba wayoyi kake kwatantawa ba, hanyar biya kake kwatantawa, don haka wayar ta zama iri ɗaya.

Nan na gano kuskure na biyu. Wayar da wakilin kamfani ya faɗa wa ƙanena kuɗinta mai giga 128 ce, wadda Alhaji ya faɗa kuwa mai giga 64 ce. Suna ɗaya, kwali kusan ɗaya, amma farashi ba ɗaya ba. Sai da na koma shagon Alhaji na ce ya ba ni lissafin mai giga 128 ɗin. Daga nan na nemi farashinta na kuɗi hannu, don in ba ka san shi ba, ba za ka taɓa sanin abin da bashin ya ɗora maka ba. Na tambayi shago biyu a kusa da mu, na kuma kira wani abokina da ke kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Bambancin bai wuce naira dubu biyu zuwa uku ba, sai na tsayar da naira 120,000, na rubuta ranar da na tambaya.

Ga abin da na samo. Kamfani: kafin alƙalami naira 30,000, sannan naira 4,500 kowane mako har mako 26. Alhaji: kafin alƙalami naira 48,000, sannan naira 30,000 kowane wata har wata 3. Na kamfani daga takardar yarjejeniya na kwafo shi, wadda wani maƙwabcina da ya riga ya karɓi waya ya ara mini, ba daga bakin wakili ba. Na Alhaji a littafin shagonsa ya nuna mini.

Jimilla ba ta da wuya. Naira 4,500 sau 26 ta ba da 117,000, a haɗa da 30,000, ya zama 147,000. Na Alhaji 30,000 sau 3 ta ba da 90,000, a haɗa da 48,000, ya zama 138,000. Ke nan a kan farashin kuɗi hannu kamfani ya ɗora 27,000, Alhaji ya ɗora 18,000.

Inda na kusa sake faɗawa rami shi ne wajen mayar da su ma'auni ɗaya. Ɗaya mako, ɗaya wata, dole a daidaita su in ana son mai karatu ya gane nauyin da zai ɗauka. Na ce ai wata mako huɗu ne, na buga 4,500 sau 4, na samu 18,000. Malam ya ce in buga 18,000 ɗin sau wata shida in gani. Ta ba da 108,000, alhali abin da za a biya 117,000 ne. Naira 9,000 ta ɓace. Dalili shi ne wata ya fi mako huɗu da kwana biyu ko uku, shi ya sa wata shida ke da mako 26, ba 24 ba. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce a raba jimillar da yawan watannin: 117,000 a raba 6, naira 19,500 ke nan a wata. Haka na Alhaji in za a mayar da shi mako, wata uku mako 13 ne, 90,000 a raba 13 ya kama kusan naira 6,900. Sai na sa duka biyun a hoton, layin mako da layin wata: 4,500 da kusan 6,900, sannan 19,500 da 30,000. Maganar nan ta "kuɗin shayi a rana" da wakilai ke so, na bar ta waje, don babu wanda ke biya kullum a wannan tsarin, kuma raba kuɗi da kwanaki yana sa kowane bashi ya yi kama da ba komai ba.

Har zuwa nan ina ganin Alhaji ya ci, tunda nasa ya fi araha da naira 9,000. Malam ya ce akwai saura. Ya tambaye ni nawa ne ainihin bashin da kowa ya bayar. Kamfani ya karɓi 30,000 daga 120,000, saura 90,000, ita ce bashinsa, kuma ya jira ka wata shida. Alhaji ya karɓi 48,000, saura 72,000, ya jira ka wata uku. To a kan kowace naira dubu da kamfani ya bar maka, ya ɗora 300, don 27,000 a raba 90 ke nan. A raba 300 ɗin da wata shida, naira 50 a wata. Alhaji kuwa 18,000 a raba 72, naira 250 a kan kowace dubu, a raba da wata uku, kusan naira 83 a wata. Na sake bugawa sau biyu don ban yarda ba. Wato na Alhaji ya fi araha a jimilla saboda ka ba shi kuɗi da yawa tun farko kuma ka gama da wuri, amma kuɗin jiran da yake caja a wata ya fi na kamfani tsada. Malam ya gargaɗe ni cewa wannan lissafin kai-tsaye ne, bai lura da cewa bashin na raguwa yayin da kake biya ba. Ya yi nasa mai zurfi a bayan takarda, ya ce giɓin ya ragu amma wanda ke sama bai canza ba. Na rubuta a ƙasan hoton da ƙaramin rubutu cewa lissafin kimantawa ne.

Na daɗe ina tunanin ko in sa wannan hoton ko in bar shi. Zai iya rikita mutane, kuma ya rushe abin da na so ya fito. Amma in na sa jimilla kaɗai na fifita Alhaji, in na sa kuɗin jira na wata kaɗai na fifita kamfani, kuma duka biyun gaskiya ne. Na sa su, kowanne da hotonsa.

Akwai wani ƙaramin kuɗi da ba ya cikin takardar kowa, kuma ni na fi kowa saninsa. Yawancin mutanenmu kuɗi ne a hannunsu, ba a asusu ba, don haka wajena suke zuwa in tura musu. Ina karɓar naira 100 a kan 4,500, ina karɓar 300 a kan 30,000. Mai biyan mako zai zo sau 26, ya bar mini 2,600. Mai biyan wata zai zo sau 3, ya bar mini 900. Jimilla ta koma 149,600 da 138,900. Wannan ya nuna cewa ni kaina ina da riba in mutane suka zaɓi kamfani, kamar yadda nake da sanayya da Alhaji. Na rubuta duka biyun a hoton ƙarshe: ni mai POS ne, ina samun kuɗin turawa, na san mai shagon, kuma babu wanda ya biya ni a cikinsu.

Hoton jinkiri shi ya fi ba ni wahala, don a nan ne kalma ɗaya ke iya karkatar da mutum. A na farko na rubuta "za su kashe maka waya". Na canza shi zuwa abin da takardar ta ce: wayar na kullewa idan ranar biya ta wuce, tana buɗewa idan an biya abin da ake bi, kuma takardar ba ta ambaci tara ba. Wajen Alhaji babu kullewa. Ya ce yana ɗaga ƙafa na mako guda, bayan nan sai ya nemi wanda ya tsaya maka. Na tambaye shi, "Alhaji, in mutum ya kasa gaba ɗaya fa, kuɗin da ya riga ya biya ya zai kasance?" Ya ce, "Ai ɗana, sai a zauna a sasanta." Ban yi musu da shi ba, mutumin kirki ne, amma a hoton na rubuta: ba a rubuce yake ba, da baki aka faɗa. Haka na yi wa kamfani. Wakilinsu ya ce wanda ya biya da wuri ana rage masa, na duba takardar ban ga wannan ba, shi ma na rubuta masa: ba a rubuce yake ba, da baki aka faɗa. Kalmomi iri ɗaya, girman rubutu iri ɗaya.

A nan ban yanke wa kowa hukuncin wanne ya fi ciwo ba. Ga ƙanena, waya ta kulle ranar kasuwa yana tsaka da ciniki asara ce. Ga wani kuwa, a kira kawunsa a ce ɗanka bai biya ba, ya fi masa kullewar waya goma zafi. Wannan mai saye ne ya san kansa.

Abin da ake buƙata kuwa layi biyu ne: kamfani na neman lambar NIN da lambar waya da hotonka, Alhaji na neman mutum ɗaya da ya sani ya tsaya maka. Na ƙara tunatarwa ɗaya da ta shafi duka biyun, cewa kafin a bar wajen a buga `*#06#` a wayar, a duba lambar IMEI da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali da ta rasit.

Wani dattijo ya tambaye ni me ya sa ban sa maganar halacci ba. Na ce ni ba malami ba ne. Abin da na iya shi ne na nuna a fili cewa a duka biyun an tsayar da jimillar kuɗin tun ranar ciniki, na kuma nuna abin da aka ce game da ƙari in an yi jinkiri, don su ne tambayoyin da malami zai fara yi wa wanda ya je masa da batun.

Sai tsarin hotunan. Guda bakwai na yi. Na farko ya faɗi wayar, gigarta, farashin kuɗi hannu, ranar da aka tambaya, da tambayoyin nan biyar, don mai karatu ya ga mudun kafin a fara awo. Sauran kowanne magana ɗaya yake ɗauke da ita. Na cire ja da kore, tunda kowa ya san ja haɗari ne, na sa shuɗi da ruwan ƙasa masu ƙarfi ɗaya. Na cire alamar daidai da ta kuskure. Sunaye ma ban sa ba, "Tsarin mako" da "Tsarin wata" na kira su, kuma na mako ya zauna a hagu daga farko har ƙarshe, ba ya canza gefe. Instagram ya ƙara yawan hotunan da ake iya jerawa zuwa 20 a 2024, amma mutumin da ke lissafin datarsa ba zai ja ashirin ba.

Girma biyu na fitar. Na Facebook da Instagram 1080 a 1350, na sitatus ɗin WhatsApp 1080 a 1920, na kuma bar fili sama da ƙasa don sunan mai sitatus da wurin amsa kada su rufe lambobi. Wani abu da ya ɓata mini lokaci: salon rubutun da na fara zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito da wata kama daban a tsakiyar kalma. Da na koma Noto Sans suka zauna daidai. Na tura hotunan zuwa tsohuwar wayar matata mai fasasshen gilashi, na fita rana na duba. Duk abin da ban iya karantawa a nan ba, na ƙara masa girma ko na cire shi, don WhatsApp na rage ingancin hoto, ƙananan lambobi su ne ke fara dushewa.

Abu ɗaya da na koya daga katunan biki shi ne mutane ba sa tura jeri gaba ɗaya, hoto ɗaya suke ɗauka su watsa. In hoton jimilla ya yi tafiya shi kaɗai, ya zama tallan Alhaji, in na kuɗin wata ne, ya zama tallan kamfani. Don haka a ƙasan kowanne na sa lambarsa, kamar 3/7, da ranar farashi, da sunan wayar. A hotunan nan biyu kuma na ƙara layi: duba na gaba kafin ka yanke shawara, duba na baya kafin ka yanke shawara.

Kafin in saki, na kai wa kowannensu. Alhaji ya sa tabarau ya duba, ya tsaya a kan naira 83 ɗin nan, ya ce shi bai taɓa lissafa abin haka ba, kuma in tuna shi ba shi da na'urar kulle waya, amana kawai yake bi. Na ce gaskiya ne, kuma hoto na gaba ya nuna haka. Bai ce in cire ba. Wakilin kamfani na same shi ranar Lahadi a kasuwa. Ya yi ƙorafi a kan kuɗin POS, ya ce ba nasu ba ne, mai asusu a waya ba ya biyan wannan. Ya yi gaskiya. Na raba layin biyu, jimilla ba tare da kuɗin turawa ba, da jimilla tare da shi, ga duka ɓangarorin. Ya nemi in sa ragin biya da wuri a matsayin tabbas, na ce ya kawo mini a rubuce in canza a ranar. Har yau ina jira.

Na sa su ranar Litinin da daddare, na bi su da saƙon murya na minti biyu ina karanta lambobin, saboda da yawa cikin masu sayen ba sa karanta boko sosai. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, don haka na buga hotunan bakwai a takarda na manna a jikin rumfa. Bayan mako uku farashin wayar ya motsa, Alhaji ya ƙara kafin alƙalaminsa, sai na cire takardun na sake lissafi da sabuwar rana.

Tun kafin farashin ya motsa, ƙanena ya tsaya gaban takardun ya fi minti goma, yana bin layi da yatsa. Ya ce 48,000 ba ta hannunsa yanzu, kuma 30,000 a wata kafin kaka ta yi masa nauyi, amma kuma ba ya son biyan ƙarin dubu tara. Ya tambaye ni ni wanne zan ɗauka. Na ce aljihuna da nasa ba ɗaya ba ne. A ƙarshe ya ɗauki tsarin mako, ya roƙi wakilin ya sa masa ranar biya ta zama Litinin, washegarin kasuwa, lokacin da ladansa ke hannunsa. Wani mai ɗinki da ya sayar da tunkiya ya ɗauki na Alhaji a satin. Ƙanena yana mako na goma sha ɗaya yanzu, sau ɗaya wayar ta kulle, ranar da sabis ya ɗauke a garin, ta kuma buɗe da yamma bayan kuɗin sun shiga.